Kyautar gida ga 'ya tun da rai, ko a bar mata shi a wasiyya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekaruna 69, iyayena duk sun rasu, ina da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, maza biyu, mata uku. Gidaje biyu gare ni: babba da muke ciki, da ƙarami da na zuba 'yan haya, kuɗin hayar kuma da shi nake cike giɓin fansho. 'Yata ta biyu mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, namiji ɗaya da mata biyu, ta dawo gabana, ita ke ɗawainiya da ni da mahaifiyarta. Ina so ƙaramin gidan ya zama nata. Wani abokina ya ce in rubuta wasiyya, wani ya ce in sa lauya ya yi takardar kyauta. Ni niyyata in yi takardar kyautar in ɓoye, in ci gaba da karɓar haya, sai bayan raina a fito da ita, don kada 'yan'uwanta su ji. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan surukinka, ya raya marayun da ya bari. Zan faɗa maka gaskiya tun daga farko, domin nauyin abin ya fi ƙarfin kwana-kwana: a cikin hanyoyin da ke gabanka, wadda ka yi niyya ita ce mafi rauni. Ita ce kuma za ta fi jefa 'yar taka cikin wahala, a ranar da ba ka nan balle ka yi mata bayani.

Dalili shi ne kana son amfanin kyauta da amfanin wasiyya a takarda guda. Kyauta tana fitar da gida daga hannunka yau, shi ya sa magada ba su da ta cewa a kansa gobe. Wasiyya tana bar maka gidanka har ranar da ka cika, shi ya sa shari'a ta yi mata iyaka, don kada a ci haƙƙin magada da ita. Taura biyu ba ta taunuwa, Baba. Takardar da aka rubuta wa suna kyauta, amma mai kyautar yana riƙe da makulli yana karɓar haya har ya rasu, alƙali ba sunan da ke samanta zai duba ba, abin da ya faru a zahiri zai duba. Abin da ya faru kuwa shi ne gidan bai taɓa barin hannunka ba.

Mu fara da wasiyya, tunda ita abokinka na farko ya kawo. A shari'ar Musulunci ƙa'idoji biyu ne suka ɗaure ta. Ta farko, ba ta wuce sulusin dukiya, wato kashi ɗaya cikin uku. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo mai tsanani, ya nemi ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, Manzon Allah (SAW) ya hana, ya nemi rabi, ya hana, sannan ya yardar masa sulusi, ya kuma ce sulusin ma da yawa. Ta biyu, ita ce ta shafe ka kai tsaye: babu wasiyya ga magaji. Allah ya riga ya yanka wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa a ayoyin gado na Suratun Nisa'i, 'yarka kuma tana cikinsu. In ka rubuta cewa bayan ranka ƙaramin gida nata ne, wannan rubutun ba ya zartuwa sai sauran magada sun amince. Kada kuma ka dogara da yardar da za su yi maka yanzu kana zaune da lafiyarka, kowa na jin nauyin idonka. Wannan ba ta ɗaure su, suna iya janyewa. Wadda ake dogara da ita ita ce ta bayan rasuwa, daga baligi mai hankali, kuma kowa a kan kasonsa kaɗai yake da iko.

Bari mu yi lissafin gidanka, don ka ga yadda abin zai kasance. Matarka tana da tumuni, kashi ɗaya cikin takwas, saboda kana da 'ya'ya. Ragowar kashi bakwai cikin takwas na 'ya'ya ne, namiji yana ɗaukar rabon mata biyu: maza biyu kashi huɗu, mata uku kashi uku, bakwai ke nan cif. Wato kowace 'ya kashi ɗaya cikin takwas, kowane ɗa kashi biyu. To ka ce ka yi wasiyyar, bayan ranka mahaifiyarta ta yarda, 'yan'uwanta mata biyu suka yarda, mazan biyu suka ce a'a. Kasonta ɗaya, na uwa ɗaya, na 'yan'uwa mata biyu, huɗu ke nan cikin takwas. Rabin gida ta samu. Ɗaya rabin yana hannun mutum biyun da suka ƙi, kuma suna da damar neman a raba ko a sayar a ba su nasu. In ba ta da kuɗin da za ta saye kasonsu, gidan zai tafi kasuwa. Wannan shi ne iyakar abin da wasiyya ga 'yarka za ta iya yi mata: roƙo ne ka bari a rubuce, wanda ya ga dama ya karɓa.

Kyauta ba ta da waɗannan iyakoki biyu. Mutum mai lafiya, mai hankali, wanda bashi bai cinye dukiyarsa ba, yana iya ba ɗansa ko 'yarsa gida, ko da ya wuce sulusi, kuma abin da aka bayar ba a cire shi daga gadon wanda aka ba. Amma tana da nata sharaɗin, shi ne malamai da alƙalai ke kira hauzi: wanda aka ba ya karɓi abin a hannunsa, mai bayarwa ya janye nasa hannun. A mazhabar Malikiyya kyauta tana ƙulluwa da furuci, har wanda aka yi wa yana iya neman a miƙa masa, sai dai ba ta cika sai da hauzi. In mai kyauta ya rasu, ko ya faɗa ciwon ajali, ko hankalinsa ya gushe, ko bashi ya mamaye dukiyarsa kafin a karɓa, kyautar ta rushe, abin ya koma cikin dukiyarsa.

Hujjar da aka fi kawowa a nan tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma ta yi kama da halin da kake ciki ƙwarai. Sayyidina Abubakar ya yi wa 'yarsa Nana A'isha kyautar dabino wasaƙi ashirin daga gonarsa da ke Gaba. Ba ta kai ga girbewa ta kwashe ba har ciwon ajali ya same shi. Sai ya gaya mata cewa da ta girbe ta karɓa, da ya zama nata, amma yau dukiyar magada ce, su raba bisa Littafin Allah. Ka duba, babu wanda ya yi musun an yi kyautar. Uban da kansa ya tabbatar, 'yar kuma matar Annabi ce. Rashin karɓa kaɗai ya rushe ta. To ina ga takardar da ke ƙasan akwati, wadda ita 'yar taka ma wataƙila ba ta san da ita ba, balle a ce ta amsa ta karɓa?

Ka hango ranar da za a fito da wannan takarda. 'Ya'yanka maza za su ce ba su taɓa jin maganar ba. Za a kira 'yan haya a tambaye su wa suke biya, su ce Baba. Za a duba rasit, sunanka. Za a je ofishin filaye, sunanka. Ko da babu wanda ya ce sa hannun na jabu ne, kuma sau da yawa sai an samu mai faɗin haka, hukuncin a bayyane yake: babu hauzi, gida ya koma gado. 'Yarka za ta fita da kashi ɗaya cikin takwas ɗin da dama nata ne, ga kuɗin shari'a, ga zargin cewa ta zauna kusa da tsoho ne don ta juya shi. Wannan zargin ya fi rashin gidan ciwo, domin shi ne zai raba ta da mutanen da za ta fi buƙata bayanka.

In ka zaɓi kyauta ta gaskiya, ga yadda ake yin ta har ta tsaya da ƙafafunta. Ka yi ta yanzu, kana tafiya da ƙafarka kana harkokinka. Kyautar da aka yi a kan gadon ciwon da ya zama na ajali hukuncin wasiyya take ɗauka, ka ga an dawo kan babu wasiyya ga magaji. In kana da wata larura da ka daɗe da ita, irin hawan jini ko ciwon suga, wadda ba ta kwantar da kai ba, ba ita ake nufi da ciwon ajali ba. Duk da haka, a shekarunka yana da kyau likita ya duba ka a makon da za a sa hannu, ya rubuta cewa hankalinka da tunaninka lafiya lau, a haɗa da takardun. Wannan 'yar takardar tana toshe bakin mai cewa ruɗewar tsufa ce.

Lauya ya rubuta takardar kyauta da ta fayyace gidan sosai: inda yake, iyakokinsa, lambar takardar mallakarsa, da cewa ka bayar ne ba da wani musaya ba. Kada kalmar "bayan raina" ta shiga ko'ina a ciki, domin ita kaɗai ta isa ta mai da takardar wasiyya. Ka sa hannu, ita ma ta sa hannu cewa ta karɓa, a gaban shaidu maza biyu adalai waɗanda ba su da wani amfani a gidan. Ka zaɓi waɗanda suka gaza ka a shekaru, kuma masu sauƙin samu, saboda ana iya neman bakinsu bayan shekara goma ko ashirin. Abin da za su shaida kuma ya wuce sa hannu. Su je gidan da ƙafarsu, su ga ka miƙa makulli da asalin takardun mallaka, su ga ta karɓa.

Maganar 'yan haya ita ce wurin da mutane suka fi zamewa. Zaman ɗan hayar da kai ka zuba, kai yake biya, ba ya zama hauzi ga 'yarka, sai in ka haɗa mata da kuɗin hayar da bai shigo ba, ya zama ita ke karɓa tun daga ranar. Hanya mafi tsabta ita ce a daidaita kyautar da ƙarewar wa'adin haya. Ko dai su tashi ta tare da yaranta, ko a sake yarjejeniya sabuwa da sunanta, a rubuta musu takarda cewa mai gida ya canja, kuɗi ya riƙa shiga asusunta, rasit ya riƙa fita da sa hannunta, gyaran rufi da na famfo ita ake kira. In daga baya ta ɗebi wani abu ta kawo maka don kai mahaifinta ne, wannan biyayyarta ce, Allah ya ba ta lada. Amma kada a rubuta shi a matsayin sharaɗi, kada kuma a koma gidan jiya, 'yan haya suna kawo maka kuɗi kai tsaye.

Sai ɓangaren hukuma, wanda mutane ke ɗaga wa ƙafa saboda kuɗi da zirga-zirga. A yawancin ƙasashe mallakar gida ba ta komawa kan wani a idon doka sai an biya harajin takarda an yi rajista a ofishin filaye, wasu wuraren ma sai da amincewar hukuma. A Najeriya, misali, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ce mai takardar mallaka ta gwamna ba ya mai da haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamnan jihar. Ka tambayi lauyan abin da ake bukata a inda gidan yake da abin da zai ci, ka tanadi kuɗin a cikin lissafin kyautar, kada ka bar wa bazawara mai marayu uku wannan nauyin. Ko dokokin da ba na Musulunci ba sun san wannan dabara ta bayarwa da baki da riƙewa da hannu. A Ingila kyauta tana fita daga lissafin harajin gado in mai ita ya rayu shekara bakwai bayan ya yi ta, amma in ya ci gaba da cin amfanin gidan, ana lissafa shi cikin dukiyarsa kamar bai bayar ba.

Yanzu ga abin da nake so ka zauna ka auna da kyau, domin lauyan da zai rubuta takarda ba lalle ya tsaya ya gaya maka ba. Ranar da kyauta ta cika, gidan ya zama nata ta kowace fuska. Tana iya sayarwa, tana iya jinginarwa a banki, masu binta bashi suna iya kai wa gare shi. In ta sake aure, sannan Allah ya yi mata rasuwa kafin kai, gidan gadonta ne: sabon mijin yana da rubu'i, kai kana da sudusi, mahaifiyarta sudusi, ragowar na yaranta. Gidan da ka gina da guminka, kashi ɗaya cikin shida ne zai dawo maka. Gaskiya ne shari'a ta ba uba damar karɓe kyautar da ya yi wa ɗansa, abin da ba ta ba wani bare ba, amma wannan ƙofar tana rufewa da wuri. A Malikiyya, in an aure ta ko an ba ta bashi saboda gidan, ko ta sayar, ko ta canja shi da rushewa da sabon gini, ko ɗayanku ya faɗa ciwon ajali, babu sauran karɓewa. In kuma ka ambace ta da sunan sadaka don neman lada, tun farko ba a janye ta. Bayan an canja suna a rajista ma, dawo da shi sai da yardarta ko da shari'a. Saboda haka kada ka bayar kana cewa a ranka in abu ya ɓaci ka karɓe.

Kai kuma ka ce da hayar nan kake cike giɓin fansho. Ka ɗauki takarda ka rubuta abin da kuke kashewa a wata, kai da matarka, har da magani, ka ƙara wani abu saboda magani ƙaruwa yake yi da shekaru, sannan ka cire kuɗin haya ka ga ko ragowar zai riƙe ku shekara goma sha biyar. In ba zai riƙe ku ba, kada ka yi kyautar nan yanzu. Babu alheri a ka rufa wa 'yarka asiri ka tona naka, ka koma miƙa hannu ga 'ya'yan da kake gudun ɓacin ransu.

Akwai kuma maganar adalci, wadda ba zan tsallake ba ko da ba ka tambaya ba. Bashiru, mahaifin Nu'umanu, ya yi wa ɗan nasa kyauta, matarsa Amratu 'yar Rawaha ta ce ba za ta yarda ba sai Manzon Allah (SAW) ya shaida. Da ya je, Annabi ya tambaye shi ko duk 'ya'yansa ya yi wa haka, ya ce a'a. Sai ya umarce shi da tsoron Allah da yin adalci tsakanin 'ya'yansa, ya ƙi zama shaida, Bashiru ya koma ya karɓe kyautar. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito shi. Mafi yawan malamai sun ɗauki fifita wani ɗa a matsayin makaruhi, kyautar kuma ta inganta in an yi. Hambaliyya sun ce daidaitawa wajibi ce, sai dai an ruwaito daga Imamu Ahmad sassauci in akwai dalili na buƙata, kamar rashin lafiya ko yawan iyali. Takaba da marayu uku dalili ne mai ƙarfi, kuma a ganina shi ya kamata ka dogara da shi, ka kuma rubuta shi a takardar. Kada ka ce don ta fi su yi maka hidima, ko da gaskiya ne. Buƙata abu ne da ɗan'uwa zai iya gani da idonsa ya haƙura, amma a ce an fi shi biyayya, wannan da wuya zuciya ta haɗiye shi.

Ka kuma san girman fifikon da kake shirin yi. Mu ƙaddara dukiyarka duka kashi 80 ce: babban gida 50, ƙarami 20, sauran abubuwa 10. In ba ka yi komai ba, matarka 10, kowane ɗa 20, kowace 'ya 10. In ka ba ta ƙaramin gida, abin rabo ya koma 60: matarka bakwai da rabi, kowane ɗa 15, kowace 'ya bakwai da rabi. Ita kuwa tana da 20 na gida da bakwai da rabi na gado, ashirin da bakwai da rabi ke nan, ta kusa ninka kason ɗan'uwanta namiji, ta ninka na 'yar'uwarta fiye da sau uku. Ban kawo wannan don in hana ka ba. Na kawo ne don su za su yi wannan lissafin, gara ka riga su, ka ga ko akwai wani abu, fili ko jari, da za ka iya ba sauran huɗun yanzu ya rage tazarar. Kada kuma ka manta da matarka, ita ma kasonta ya ragu, ita ya kamata ta fara jin maganar.

Akwai hanya ta uku da abokanka biyu ba su kawo maka ba, kuma in lissafin wata ya nuna ba za ka iya rabuwa da haya ba, ita nake ba ka shawara. 'Yarka magajiya ce, amma 'ya'yanta ba magadanka ba ne, jikoki ne ta wajen 'ya mace. Wasiyya gare su ta halatta, ba ta jiran yardar kowa muddin ba ta wuce sulusi ba. A lissafinmu sulusin 80 ya ɗan haura 26, gidan kuma 20 ne, ya shiga ciki har da rara. Da wannan kana riƙe da gidanka da hayarka har ƙarshen ranka, kana iya canja wasiyyar ko ka soke ta duk ranar da ka so, bayanka kuma marayun su samu rufi, uwarsu ta zauna tare da su, ta kuma karɓi bakwai da rabi ɗinta na gado.

Ita ma tana da wuraren da sai ka kula. Sulusi ana auna shi ne da dukiyar da ka bari ranar rasuwa, bayan an cire kuɗin jana'iza an biya bashi, ba da dukiyarka ta yau ba. In ka rasu da bashin kashi 26, abin da ya rage 54 ne, sulusinsa 18, gidan ya haura da 2, wannan biyun kuma sai magada sun yafe ko a biya su. Haka in ƙaramin gidan ya yi tsada fiye da babban saboda unguwarsa ta bunƙasa. Don haka ka riƙa sake duba lissafin duk bayan shekara biyu ko uku. Sannan gidan na yaran ne, ba nata ba. Ba ta da ikon sayarwa yadda ta so, kuma in sun girma suna iya neman rabo. Ka ambaci sunan kowane yaro da kasonsa, domin in ka yi shiru wasiyya daidai ake raba ta tsakanin namiji da mace, ba kamar gado ba. Tunda ƙanana ne, ka rubuta wanda kake so ya kula da gidan har su mallaki hankalinsu, ka nemi lauya ya nuna maka yadda kotu za ta tabbatar da shi, don kada dangin mahaifinsu su taso da cewa dukiyar 'ya'yansu ce, su za su riƙe. Niyya kuma ta zama taimakon marayu tsakani da Allah, domin ayar gado da kanta ta gindaya cewa wasiyya kada ta zama ta cutarwa.

Wajen rubuta ta, ka sa hannu a gaban shaidu biyu da suke wuri ɗaya a lokaci ɗaya, su ma su sa nasu a gabanka. Kada 'yarka ko wani mai amfana da wasiyyar ya zama shaida, a dokokin da suka samo asali daga na Ingila shaidar da aka yi wa wasiyya yana rasa abin da aka ba shi, a shari'a ma shaidar mai jawo wa kansa amfani ba ta karɓuwa. A ajiye asalin takardar a wurin ajiyar wasiyya na kotu ko wajen lauya, ka gaya wa mutum biyu amintattu inda take.

Ko wacce ka ɗauka tsakanin kyauta ta gaskiya da wasiyya ga jikoki, ɓoyewar ce nake roƙon ka ka janye. Ka tara su biyar ɗin da mahaifiyarsu, da wani babba a dangi da suke jin nauyinsa, ka gaya musu da bakinka abin da ka yanke da dalilinka, ka nuna musu lissafin. Wataƙila wani ya ɓata rai, amma zai ɓata shi ne kana nan, kana iya amsa masa, kana iya gyara wani abu in ya kawo magana mai ma'ana. In mazan suka yarda su sa hannu a takardar kyauta cewa an yi da saninsu, ka samu abin da ya fi kowane hatimi ƙarfi a gaban alƙali. In kuma suka ƙi, ka san tun yanzu cewa za a yi jayayya, sai ka ƙara tsananta wa kanka wajen hauzi da rajista da takardar likita, kada ka bar ko ɗaya sai gobe.